HRV ɗina ya yi ƙasa mako guda: gajiya ce, damuwa ce, ko atisaye ne ya yi yawa?

*Koci, barka da aiki. Shekarata 34, ina kasuwanci a Kantin Kwari, ina gudu a filin sukuwa sau uku ko huɗu a mako. Agogona yana auna HRV, wato bambancin tazarar da ke tsakanin bugun zuciya, da dare. A wata biyun da suka wuce matsakaicina 62 ne, yawanci yana yawo tsakanin 54 da 70, bugun zuciyata na hutu kuma 54. Wannan makon, daga Litinin zuwa Lahadi, ga abin da na gani: 64, 58, 47, 55, 44, 41, 43. Bugun zuciya kuma: 54, 55, 58, 56, 60, 61, 62. Talata da safe na yi gudun wuta, mita 400 sau goma. Alhamis da yamma na maimaita. Juma'a na huta, Asabar na yi kilomita 16. Ga zafin Afrilu, ba wuta, barcina bai fi awa biyar ba, ga kayana sun maƙale a hanya. Abokina ya ce na ƙona jikina da tirenin. Haka ne? In tsaya ko in ci gaba?*

Barka kadai, Alhaji. Ba ka ƙona jikinka ba. Abin da likitocin wasanni suke kira wuce gona da iri a atisaye ciwo ne na watanni, ba ya kama mutum a kwana bakwai, kuma ba agogo ne ke tabbatar da shi ba. Amma abokin naka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, don makon nan jikinka ya ci bashin da bai biya ba. Ka sassauta na kwana uku zuwa huɗu, kuma kafin komai ka auna zafin jikinka yau da daddare. Zan gaya maka dalili, domin a cikin lambobin nan bakwai akwai guda ɗaya da ta fi sauran magana, kuma ba ita ce ta fara tsorata ka ba.

Sai dai mu fara sanin me agogon yake ƙirgawa, in ba haka ba za mu yi ta karatun lamba ba tare da ma'ana ba.

Zuciyar da take bugawa sau 60 a minti ba ta bugawa daidai kan kowane sakan kamar agogon bango. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ɗan tsawo, tana ɗan gajarta. Idan ka ja numfashi zuciya takan ɗan yi sauri, idan ka sake shi takan ɗan lafa. Ka ɗora yatsa a wuyanka ka ja dogon numfashi a hankali, za ka iya jin haka da kanka. Wannan bambancin shi ne HRV, ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Yawancin agogunan gudu da zoben barci suna amfani da lissafin da ake kira RMSSD. Ga misali: tazara huɗu a jere, 1000, 1060, 980, 1040. Bambancin da ke tsakaninsu 60, 80, 60 ne, lissafin zai ba da kusan 67. Wani mutumin kuma nasa 1000, 1010, 995, 1005, lissafin zai ba da kusan 12. Su biyun duk zuciyarsu na bugawa kusan sau 60 a minti, amma jikinsu ba a hali ɗaya yake ba.

Abin da ke kawo wannan wasan shi ne jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya ba tare da saninka ba. Kashi biyu ne, ɗaya totur, ɗaya birki. Totur shi ke aiki lokacin gudu, tsoro, fushi, zazzaɓi. Birki shi ke aiki lokacin hutu da barci da gyaran jiki, kuma yana kamawa yana saki cikin sauri, bugu bayan bugu, tare da numfashi. RMSSD aikin birkin nan yake aunawa. Idan jiki na fama da wani abu, sai ya ɗaga ƙafa daga birki, bugun ya ƙaru, tazarar ta zama iri ɗaya, lambar ta faɗi. To ga inda mutane ke ruɗewa: lambar ba ta san *me* jikin yake fama da shi ba. Gudun mita 400, zafin ɗaki, tunanin kayan da suka maƙale, ƙwayar maleriya, duk hanya ɗaya suke bi su taɓa ta. Agogo zai ce maka akwai nauyi. Kai ne za ka gano wane ne ya ɗora.

Yanzu lissafin makonka. Abu na farko shi ne gejinka, wato iyakar da lambarka take yawo a ciki idan kana lafiya. Na ce naka, domin 62 ba ta da wata daraja a karan kanta. Akwai mai lafiya garau da ke zaune a 35, akwai mai zama a sama da 100, kuma lambar tana raguwa da shekaru. Kwatanta taka da ta abokinka ɓata lokaci ne. Idan ma agogonsa na Apple ne, manhajar lafiyarsa SDNN take nunawa, lissafi ne daban, kamar kai kana awo da yadi shi yana awo da mita.

Daga yadda ka ce lambarka ke yawo, takan kauce wa 62 da kusan 8 sama ko ƙasa a rana ta yau da kullum. Masu bin 'yan wasa sukan ɗauki rabin wannan, wato 4, su sa sama da ƙasa, su ce matsakaicin mako ya kamata ya zauna a ciki. Naka ke nan daga 58 zuwa 66. Ka lura, wannan gejin na matsakaicin kwana bakwai ne, ba na rana ɗaya ba. Rana ɗaya tana iya fita ta dawo ba komai. Idan ka tara lambobinka bakwai za ka samu 352, ka raba bakwai, 50 da ɗan ɗoriya. Ya fita daga geji da 8, ya yi ƙasa da al'adarka da kusan kashi 19 cikin ɗari. Wannan ba hayaniyar na'ura ba ce, sauyi ne na gaske. Bugun zuciyarka kuma matsakaicinsa ya tashi daga 54 zuwa 58. Idan biyun suka tafi haka, ɗaya ƙasa ɗaya sama, shaidu biyu ne suka faɗi magana ɗaya.

Idan kana zuba lambobin a Excel ko Google Sheets, ka jera bakwai ɗin daga B2 zuwa B8, layi biyu sun isa. Na farko matsakaicin mako, na biyu yawan tsalle-tsallen lambar a cikin makon, kashi nawa cikin ɗari:

```
=AVERAGE(B2:B8)
=STDEV(B2:B8)/AVERAGE(B2:B8)*100
```

Na biyun zai ba ka kusan 17 a wannan makon, alhali al'adarka wajen 13 ce.

Amma matsakaici yana ɓoye labari, kamar yadda cinikin wata yake ɓoye cewa sati biyun ƙarshe ba a sayi ko yadi ɗaya ba. Ka raba makon biyu. Kwana huɗun farko matsakaicinsu 56. Kwana ukun ƙarshe bai kai 43 ba, bugun zuciya kuma yana 61, ƙarin 7 a kan al'adarka. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kana riƙe da cewa lambar da ka gani da safe labarin daren da ya wuce ne, don haka tana ba da amsar abin da ka yi jiya.

Litinin da Talata ba magana. Laraba ce ta fara tsorata ka, na sani, daga 58 zuwa 47. Ni kuwa ita ce ta fi kwantar mini da hankali. Ka yi gudu mai tsanani ranar Talata, jiki ya amsa. Abin da bincike ya nuna shi ne bayan motsa jiki mai sauƙi birkin zuciya yakan dawo daidai cikin awa 24, bayan mai matsakaicin ƙarfi awa 24 zuwa 48, bayan mai tsanani irin naka kuwa aƙalla awa 48. Saboda haka faɗuwar Laraba kuɗin kaya ne, ka saya dole ka biya. Ranar Alhamis ta hau 55, bugu ya sauko 56. Wannan ita ce siffar jikin da ke murmurewa: faɗuwa kwana ɗaya, hawa washegari.

Sai dai bai gama hawa ba. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, taka kuwa tun daga safiyar Alhamis ta nuna kanta. Lambar tana ƙasa da al'adarka, barci bai isa ba, sai ka ƙara masa wani gudun wutar, kuma da yamma. Gudun yamma yana da nasa haraji ga mai auna HRV da dare, domin awannin farko na barcinka zuciya ba ta gama sauka ba, jiki bai gama hucewa ba, agogon kuma yana haɗa waɗannan awannin a lissafi. Don haka 44 ta Juma'a ma zan iya yafe mata. Wani ɓangarenta gajiya ne, wani ɓangaren lokacin da ka yi gudun ne.

Asabar ce ba zan yafe wa ba. Ka huta Juma'a cur, ba ka yi gudu ba. Da nauyin atisaye ne kaɗai, da safiyar Asabar lambar ta fara hawa kamar yadda ta yi ranar Alhamis, ko da zuwa 50 ne. Sai ta ƙara sauka zuwa 41, bugu ya ƙara hawa zuwa 61. Idan aka huta lamba ta ƙi tashi, to akwai wani mai danne ta wanda ba filin sukuwa ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi da na sani ta raba gajiyar atisaye da sauran nauyi: ka dubi safiyar da ta biyo bayan ranar hutu. Gajiyar atisaye tana jin maganar hutu. Rashin barci, damuwa, zafi da ciwo ba sa ji. A kan wannan 41 ɗin ne kuma ka ɗora kilomita 16. Lahadi ta ba da 43, wadda kusan ɗaya ce da 41, domin bambancin 2 ko 3 ba abin karantawa ba ne. Kwana uku a jere lambar tana kwance a ƙasa, ba ta tsalle. Tsalle-tsalle alama ce ta jikin da ke kokawa da nauyi. Kwanciya a ƙasa alama ce ta jikin da nauyin ya fara fin ƙarfinsa.

To wane ne ke danne ta? Akwai mutum huɗu da nake tuhuma, kuma ba a matsayi ɗaya suke ba.

Na farko ciwon da bai bayyana ba, shi ya sa na ce ka auna zafin jiki. Bugun zuciyarka yana hawa ɗaya-ɗaya, 60, 61, 62, har da ranar hutu. Zazzaɓi yakan ƙara wa zuciya kusan bugu 10 a minti kan kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, kuma sau da yawa HRV da bugun dare sukan canza kwana ɗaya ko biyu kafin mutum ya ji ba shi da lafiya. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Wata shekara lambata ta yi kwana uku a ƙasa, na dubi littafin atisayena na ce ai hawan Dala da na yi ne sau shida. Na rage gudu, amma ban daina ba. Rana ta huɗu bayan la'asar sanyi ya rufe ni a kan babur, haƙorana na haɗuwa, rana kuwa tana dukan kowa. Maleriya ce. Tun daga nan ba na karanta makon da ya faɗi sai na tambayi ciwon kai, ɗacin baki, ciwon gaɓoɓi, mura, gudawa. Idan ma'auni ya nuna 37.5 ko sama, ko kana jin ɗaya daga cikin waɗannan, ka je a yi maka gwaji, kada ka sha magani da ka. Kuma ba a gudu da zazzaɓi, ko kaɗan. Wannan ba maganar lamba ba ce, maganar kare zuciya ce.

Na biyu zafi da ƙarancin ruwa, kuma a Kano cikin Afrilu shi nake fara zargi bayan ciwo. Rana tana kaiwa digiri 40, bangon siminti ya sha zafi ya riƙa amayo shi har tsakar dare, fanka a tsaye. Jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, kana zufa kana barci, ruwan da ke cikin jini ya ragu, dole zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓin. Da bugu ya ƙaru HRV yakan sauka. Wannan yana da sauƙin gwadawa. Ka hau sikeli kafin gudu da bayan gudu, ba riga. Kowane kilo ɗaya da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Idan nauyinka kilo 70 ne ka dawo ka rasa kilo ɗaya da rabi, ka haura kashi 2 cikin ɗari, kuma ledar fiya wata biyu ba za su mayar da shi ba. Ka sha kusan lita ɗaya da rabi kan kowane kilo, a hankali cikin awanni, tare da abinci mai ɗan gishiri. Fitsarin safe ma shaida ne, idan ya yi ja kamar shayi ba ka sha ya isa ba.

Na uku barci. Awa biyar ga mai gudun mita 400 sau ashirin a mako ba ta isa ba, ba sai agogo ya faɗa ba. Na huɗu kuma kayan da suka maƙale. Kada ka raina shi don ba a ƙafa yake ba. Mutumin da ya kwanta yana lissafin bashin da zai biya ranar Litinin, totur ɗinsa a take yake ko idonsa a rufe. Na sha ganin ɗan kasuwa lambarsa ta yi mako biyu a ƙasa, ba abin da ya canza a gudunsa, ranar da motar kaya ta iso washegari lambar ta koma gida. Ba zan iya sauke maka kayan ba, amma zan iya cewa makon da kai ya ɗau zafi ba makon ƙara nauyin ƙafa ba ne, asusun jikin ɗaya ne.

Akwai ƙananan abubuwa da suke lalata awon dare, ka duba ko ɗaya ya shigo makon nan. Tuwo ko gurasa da tsire ƙarfe goma sha ɗaya na dare, shayi mai kauri ko goro ko lemon ƙara kuzari bayan magariba, maganin mura mai buɗe hanci, duk suna ɗaga bugu su sauke lambar. Agogon da ya yi sako-sako saboda zufa yakan rasa bugu ya cike da kame-kame. Masu shan maganin hawan jini irin su atenolol kuma gejinsu daban ne, duk ranar da aka fara magani ko aka canza shi sai a sake gina geji daga farko.

Mu koma maganar abokinka, don kalmar da ya yi amfani da ita tana da matakai. Ƙungiyoyin likitocin wasanni na Turai da Amurka sun fitar da matsaya tare a 2013, suka raba abin uku. Akwai ɗora nauyi da gangan na ɗan lokaci, ƙoƙari ya ɗan ragu, a huta kwanaki ko mako biyu, a dawo an fi da. Akwai wanda ya zarce, mutum ya yi makonni har watanni bai dawo ba. Sai na ƙarshe, ciwon sosai, wanda ke cin watanni ko fiye. Ma'aunin da ya raba su shi ne ƙoƙarinka ya faɗi, kuma tsawon wane lokaci ya ɗauka kafin ya dawo duk da hutu. Kafin a sa wa mutum wannan sunan sai an kore ƙarancin jini, ciwo mai ɓoye, rashin cin isasshen abinci da makamantansu. HRV ɗan rakiya ne a nan, ba alƙali ba. Kai ko matakin farko ban tabbatar ka shiga ba, sai mun ga yadda ƙafarka take bayan hutu.

Zan daɗe kaɗan a kan wani tarko, domin wata rana za ka gamu da shi kuma agogon zai yi maka murmushi. Ba kullum ne hawan lambar yake nufin alheri ba. An bi 'yan wasan juriya da aka ɗora wa nauyi mai yawa na makonni, aka ga waɗanda suka gaji sosai HRV ɗinsu hawa ya yi, bugun hutu ya sauka. Birki ne ya kama fiye da ƙima. Yadda za ka gane shi a fili yake. Lamba ta haura gejin sama, a wurinka sama da 66 a matsakaicin mako, amma ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata bulo, gudun da ka saba yi zuciya na 170 yanzu ka matsa iya matsawa ta ƙi wuce 160, lokacinka kuma ya lalace. Wanda ya ƙara ƙarfi da gaske shi ma bugunsa yana sauka, amma shi gudun sauƙi yake yi masa, lokacinsa yana gyaruwa. Lambobin iri ɗaya, ƙafa ce ke raba gardama. Haka kuma idan dare ɗaya ka ga 62 ta zama 130, kada ka yi murna. Yawanci ko agogon ne ya yi kuskure, ko zuciya ta yi wasu bugu na tsallake, waɗanda ke kumbura RMSSD. Idan hakan na maimaituwa, ko kana jin zuciya na fizga, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na yankewa a abin da bai kai ba, wannan aikin likitan zuciya ne da gwajin ECG, ba na koci ba.

Ga abin da nake so ka yi da makon gobe. Litinin da Talata ba gudu, sai tafiya ta minti 30 bayan asuba idan kana sha'awa. Ka nemi awa bakwai na barci ko ta wace hanya, ko shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro, ko ƙailula ta rabin awa bayan azahar a shago. Abincin dare kafin isha'i ko da an idar. Laraba, idan ba zazzaɓi, ka yi gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40 da sassafe, irin wanda za ka iya hira a cikinsa ba ka haki. Kada ka koma gudun wuta sai abu uku sun haɗu: lambar safe ta kai 55 ko sama kwana biyu a jere, bugun hutu ya dawo 56 ko ƙasa, kuma ka tashi kana jin son gudun. Ranar da ka koma, ka yi shida maimakon goma, da safe, ka bar kwana uku tsakaninsa da na gaba har zafin nan ya karye.

Kada matsakaicin kwana bakwai ya ruɗe ka a farkon makon. Zai ci gaba da sauka ko da kana warkewa, domin 64 da 58 za su fita daga lissafin, 41 da 43 kuma suna ciki har ƙarshen mako. Idan agogonka Garmin ne yana iya rubuta maka `Unbalanced` ko `Low` har bayan jikinka ya dawo. A waɗannan kwanakin ka dubi inda lambobin safe suka dosa, hawa ko kwanciya. Idan ka ga 46, 51, 56, kana kan hanya. Idan ka yi kwana huɗu kana hutawa, kana barci, kana shan ruwa, lamba tana nan a 42 bugu yana sama da 60, to ka je asibiti a duba maleriya da yawan jininka ko da ba ka jin komai.

Da damina ta sauka ko hunturu ya shigo za ka iya ganin gejinka ya ɗan hau da kansa, don dare ya yi sanyi. Shi ya sa ake sabunta shi da kwana 60 na baya-bayan nan, ba a riƙe na bara. Azumi kuma lissafinsa daban ne gaba ɗaya. Cin abinci ya koma dare, barci ya rabu biyu, ga tashin sahur, ga tahajjud a goman ƙarshe. Awon dare a Ramadan ba a kwatanta shi da na Sha'aban, sai dai makon azumi da makon azumi.

Idan daren naka ya ci gaba da zama haka, yau awa huɗu gobe shida, awon safe zai fi yi maka gaskiya. Ana yinsa da bel ɗin ƙirji irin Polar H10 da manhaja kamar HRV4Training ko Elite HRV. Ka tashi, ka kama ruwa, ka zauna a bakin gado, ka bar minti ɗaya jiki ya natsu, sannan ka auna minti ɗaya zuwa biyu, kafin shayi, kafin ka buɗe saƙonnin kasuwa. Ka yi numfashinka na kullum, domin jan dogon numfashi a hankali yana kumbura lambar, ka yaudari kanka. A zaune ya fi a kwance ga mai bugun zuciya ƙasa-ƙasa irin naka. Ko kafin sallar asuba ko bayanta, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kuma ka samu aƙalla safiya biyar a mako kafin ka yarda da matsakaicin. Lambar awon safe da ta awon dare ba a zuba su a layi ɗaya, kowacce da gejinta, sabon gejin kuma zai ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin ya zauna.

Ka kuma ƙara layi uku a gefen lambobin: awa nawa ka yi barci, yaya ƙafa take daga 1 zuwa 5, da kalma ɗaya kan abin da ya faru jiya, ko "ba wuta" ce, ko "biki", ko "kaya". Ranar Lahadi mai zuwa ka turo mini su tare da zafin jikin da ka auna yau, mu ga ko Laraba ta tashi.